Asabar: kujerar ofis, gorunan ruwa biyu da darasin fizik

Yau ba makaranta, amma ban huta ba. Tun da hantsi ɗiyar ƙanwata ta iso daga unguwar Zariya da littafinta a hannu. Bana take shirin jarrabawar bak, kuma wani aiki da aka ba su a fizik ya tsaya mata. Aikin a kan ƴar wasan zamiya a kan ƙanƙara ne, irin waɗanda ake gani a talabijin lokacin gasar Olamfik ta hunturu. Tana juyi a ƙafa ɗaya hannuwanta a buɗe, sai ta naɗe su a ƙirji, nan take gudun juyin ya ƙaru har fuskarta ta daina ganuwa. An ce a lissafa sabon gudun. Yarinya ta yi lissafinta tsaf, amma amsarta ba ta zo daidai da ta malaminsu ba.

Na duba takardar. Ta ɗauka cewa makamashin motsi ne ba ya canzawa. Hujjarta ita ce babu wanda ya tura matar, to daga ina ƙarin makamashi zai zo? Tunani ne na mai hankali, kuma kusan kowace shekara sai na same shi a takardun ɗalibaina, yawanci ma wajen masu ƙoƙarin. Na ce mata ta ajiye biro, za mu je mu gwada. Ta yi dariya ta ce, "Kawu, a Maraɗi cikin wannan bazara? Ƙanƙarar da muke da ita ai ta leda ce." Na ce ba ƙanƙarar muke buƙata ba, abin da muke nema wuri ne da mutum zai juya ba tare da ƙasa ta riƙe shi sosai ba.

Maƙwabcina mai shagon buga takardu yana da kujerar ofis mai juyawa. An ɗauke wuta, ba shi da aiki, sai ya ba mu aro har ya ɗiga mata ɗan man keke a ƙarfen tsakiya. Muka cika gorunan roba biyu na lita ɗaya da rabi, kowace kilo 1,5 ke nan. Ta zauna, ta ɗage ƙafafu, ta miƙe hannuwa da gora a kowane hannu. Na tura ta a hankali na saki. Da na ce ta jawo, sai kujera ta zabura, ta yi ƴar ƙara, yaran da suka taru a bakin shago suka kwashe da shewa. Ta sake buɗe hannuwa, kujera ta koma tafiyarta ta farko, ko ƙasa da haka kaɗan.

Bayan azahar muka zauna a zaure muka bi abin daki-daki, kuma nan ne nake son in rubuta shi yadda na faɗa mata, don in yi amfani da shi a aji.

Wuyar juya abu ba ta tsaya ga nauyinsa kaɗai ba. Ta dangana da inda nauyin yake zaune, nesa ko kusa da layin da ake juyawa a kai. Wannan shi ne abin da ɗalibai ke kira moman dinarsi, muna rubuta shi da harafin J. Ga ɗan ƙaramin abu mai nauyin m da ke nisan r daga layin juyi:

J = m × r²

Abin lura shi ne r ana ninka shi da kansa. In ka ninka nisa sau biyu, J ya ninku sau huɗu. Da ta miƙe hannu, mun auna da igiyar awon tela, gorar tana nisan mita 0,75 daga tsakiyar kujera. Gorunan biyu sun ba da 2 × 1,5 × 0,75², wato wajen 1,7. Da ta rungume su a ƙirji, nisan ya koma mita 0,15, sai lissafin ya faɗo zuwa 0,07. Ruwan bai ragu ko ɗigo ba, amma rabonsa a cikin J ya ragu sau ashirin da biyar, domin nisan ya ragu sau biyar.

Jikinta da saman kujerar ba a iya auna su da igiya, sai ƙiyasi. Na ba su 2 idan hannuwa a naɗe suke, domin mai zama gwiwoyinsa suna fitowa gaba, na ƙara 1 saboda su kansu hannuwan idan an miƙe su. Jimla a buɗe 4,7, a rufe kuwa wajen 2,1. Ma'aunin duka kilo sau mita sau mita ne.

Sai abu na biyu, moman sinetik, wanda shi ne yawan juyin da jiki yake ɗauke da shi:

L = J × ω

inda ω yake gudun juyi. Doka ta ce L ba ya canzawa sai wani ƙarfi daga waje ya murɗa jikin. A nan ta tare ni. Ta ce, "To Kawu, ai na sa ƙarfi lokacin da na jawo gorunan, har damtsena ya gaya mini." Na ce ta tashi ta kama bakin ƙyauren zaure. In ta tura shi ta gefe yana buɗewa, amma in ta danna shi kai tsaye zuwa wajen da aka kafe shi a jikin bango, ko ta yi gumi ba zai juya ba. Jan da ta yi wa gorunan zuwa tsakiya yake, saitin layin juyi, don haka ba ya murɗawa. Ban da haka ma, ƙarfi ne na cikin gida: hannu yana jan gora, gora tana jan hannu. Babu abin da ya shigo daga waje, saboda haka L yana nan yadda na ba ta shi lokacin da na tura kujerar. Tunda J ya sauka daga 4,7 zuwa 2,1, dole ω ya hau sau 4,7 ÷ 2,1, wato kusan sau 2,2.

Yanzu ga hasashe biyu a gabanmu, kuma ba su yarda da juna ba. A bidiyon da ƙanenta ya ɗauka da waya, zagaye ɗaya da hannu a buɗe ya ci wajen daƙiƙa 2. In L ne ke tsaye, zagaye da hannu a rufe zai ci wajen daƙiƙa 0,9. In kuma makamashi ne ke tsaye kamar yadda ta zata, tunda shi ½ × J × ω² ne, gudun zai ƙaru sau 1,5 kawai, zagayen ya ci daƙiƙa 1,3 da ɗoriya. Muka rage saurin bidiyon, muka sa ido kan lokacin da bayan kujerar ke wuce ƙofar shago. Zagayen farko bayan ta jawo hannu ya ci kimanin daƙiƙa ɗaya. Bai kai 0,9 ba, kuma ban yi tsammanin zai kai ba, domin ƙarfen kujera yana gugar mazauninsa, wannan gugar kuwa murɗawa ce daga waje wadda take cinye L kaɗan-kaɗan. Ga kuma ƙiyasina na jikinta wanda ba awo ba ne. Amma gugar rage gudu take yi, ba ta ƙara shi, don haka ba yadda za a yi ta kai mu daga 1,3 zuwa 1. Hasashen makamashi ya faɗi.

Tambayarta ta farko dai tana nan, kuma ita ce ta fi daɗi. Lallai makamashi ya ƙaru. A lissafin ω zagaye ɗaya 2 × 3,14 ne, don haka zagaye ɗaya a daƙiƙa 2 yana nufin ω = 3,14, sai makamashin ya zama wajen jul 23. Bayan ta rufe hannu, a lissafi ω ya kai 7, makamashi ya haura zuwa wajen jul 52. Ƙarin jul 29 ɗin daga damtsenta ya fito. Gora mai zagaye so take ta miƙe ta tafi abinta, sai an riƙe ta take bin da'ira, kuma jawo ta ciki a kan haka aiki ne na gaske, ƙarfi sau nisan da aka jawo. Gajiyar da ta ji a hannu ita ce kuɗin da ta biya. Idan ta sake buɗewa, gorunan ne ke jan hannunta waje tana tare su, makamashin ya fita daga juyi, akasarinsa ya zama zafi a tsoka. Ta yi shiru, sannan ta ce ashe ita ce injin. Na ce ƙwarai, injin makamashi, amma ba na L ba.

Ƙanenta ne ya tabbatar da wannan ba tare da ya sani ba. Tun a shago ya haye kujerar tana tsaye cik, ya yi ta buɗe hannu yana rufewa da dukan ƙarfinsa, yana jiran ta ɗauke shi. Ko motsi ba ta yi ba. L ɗinsa sifiri ne, kuma sifiri ko ka raba shi da ƙaramin J sifiri ne. Shi ya sa ƴar wasan ba a tsaye take fara juyi ba. Tana shigowa ne a kan lanƙwasa, kaifin takalminta yana cizon ƙanƙara ta gefe, hannuwa da ƙafa ɗaya a baje. A wannan lokacin ne ƙanƙara take murɗa ta, take tara L. Duk abin da ta tara a nan, da shi za ta yi aiki har ƙarshe.

Littattafai suna yawan maganar hannu, ni kuwa a ganina sun rage wa ƙafa haƙƙinta. Ƙafa ta fi hannu nauyi nesa ba kusa ba, ta kuma fi shi tsawo, don haka ƙafar da ke sama idan an jawo ta an harɗe ta da ta ƙasa, ragin da take yi wa J babba ne. Mai tsaye a miƙe kuma ya fi mai zama a kujera matsewa kusa da layin juyi, ga ƙanƙara ba ta gugar ɗan wurin da takalmi ya taɓa sosai. Da haka suke kai gudun da kujerarmu ba za ta yi mafarkinsa ba. A 2015, a birnin Warso na Poland, an auna wa wata ƴar wasan zamiya mai suna Olivia Oliver zagaye 342 a minti ɗaya, kusan shida a kowace daƙiƙa. A tsalle ma haka ne: da zarar ta bar ƙanƙara babu abin da zai murɗa ta a iska, sai ta matse jiki ta gama zagayenta, ta buɗe hannu da ƙafa daidai lokacin sauka don gudun ya ragu ta iya tsayawa a kan kaifi ɗaya.

Da la'asar wuta ta dawo, muka mayar wa mai shago kujerarsa, ya ce ranar da za a sake ɗaukar ta sai an zo da goro. Kafin su hau kabu-kabu na ba ta aikin gobe: ta sake lissafin da gorunan cike da yashi mai nauyin kilo 2,5 kowace, ta fitar da sabon gudun da kuma jul nawa damtsenta zai biya. Ranar Litinin zan nemi aron kujerar ofishin makaranta in kai ta ajin taminal, kuma sai kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin wani ya zauna a kai.