Wasiƙar bokitin da littafi ya ce ba ya riba

Shekarata ta farko ina akanta a masana'antar kayan roba, rahoton wata ya nuna muna faɗuwa a kan bokiti, alhali shi ne kayan da ko kwana ba ya yi a sito. Mai masana'antar ya fara zancen a daina yin sa. Ni ma da farko na yarda da rahoton, ai ni na buga shi. Sai da na wuni a ɗakin injina ina kallon aiki, sannan na rubuta masa wannan:

Ranka ya daɗe,

Muna sayar da bokiti ɗaya a kan 1,000. Roba da ladan ma'aikatan da ke yin sa suna cin 700. Littafi ya ɗora masa 350 na hidimomin da duk kayanmu suka yi tarayya a kai, irin su haya, wuta da gyaran inji. Daga nan asarar 50 ta fito.

A wannan 350 ɗin matsalar take. Kuɗin tarayya miliyan 10 ne a wata, muna kuma raba shi gwargwadon awannin aiki. Bokiti ke cin kashi 70 cikin 100 na awannin, sai aka aza masa miliyan 7, a kan guda 20,000.

Amma miliyan 4 daga cikin miliyan 10 ɗin ba ruwansa da awanni. Kuɗin sauya ƙarfen zubi ne: a tsayar da inji, a kwance, a ɗaura wani, a yi ta gwaji ana zubar da roba har ya daidaita. A watan jiya an sauya sau 40, kowane sauyi 100,000 ke nan. Sau 4 kacal aka yi domin bokiti. Sauran 36 na ƙananan odoji ne masu launi da siffa daban-daban. Haƙƙin bokiti 400,000 ne, amma mun caje shi miliyan 2.8.

Idan aka gyara, kasonsa zai dawo miliyan 4.6, wato 230 a kan kowane ɗaya. Ribar 70 ke nan.

In kuwa aka daina yin sa, rarar 300 da kowane bokiti ke bari za ta tafi, miliyan 6 a wata, haya kuma tana nan.

Sai dai, ranka ya daɗe, gyaran bai ƙara mana riba ko kaɗan ba. Miliyan 2.4 da aka sauke wa bokiti ya koma kan ƙananan odojin, kuma wasunsu ba za su iya ɗauka ba a farashinsu na yanzu.

Wannan sakin layi na ƙarshe ya fi ba ni wuyar rubutawa, domin odojin nan su ne abin alfaharinsa. Tun daga lokacin, in rahoto ya nuna kaya mai yawa yana faɗuwa ƙanana na cin riba, takardar sauyin inji nake fara nema wajen shugaban ma'aikata.