Mizanfilas da subid: girkin da ake gamawa kafin oda ta shigo

Duk wanda ya shiga kicin ɗin babban otal yana koyon aiki, a Faris ne ko a Yamai ko a Abuja, zai tarar rabin umarnin da shef yake bayarwa da Faransanci ne. Dalilin tarihi ne. Auguste Escoffier, wani kuku Bafaranshe, shi ne ya daidaita tsarin raba kicin sashe-sashe, mai miya daban, mai kifi daban, mai gashi daban, a ƙarshen ƙarni na 19, makarantun girki na duniya kuma suka ɗauki tsarin haɗe da kalmominsa. Biyu daga cikinsu suka fi cancanta a zauna a kansu, mizanfilas da subid, domin a wurina darasi ɗaya suke koyarwa: abincin da zai fita da ƙarfe 7 na dare, tun da rana ake gyara shi ko a ɓata shi.

Mizanfilas na nufin ajiye kowane abu a mazauninsa kafin a fara karɓar oda. Sabon ɗan koyo yakan ɗauka yanka albasa ne kawai a zuba a ƙananan kwanoni. Yankan yana ciki, amma shi ne na ƙarshe. Farkon aikin da biro ake yinsa. Ka karanta takardar girkin har ƙasa, ka tambayi mutum nawa ake sa rai, ka ninka awo, sannan ka jera ayyukan daga lokacin fitar abinci ka dawo baya. Abin da ya fi cin lokaci shi ake fara ɗorawa. Romon ƙashin kaza yana son awa 3 zuwa 4 a kan ƙaramar wuta, don haka shi ne na farko, kana yanke-yanke yana dahuwa. Ganye mai saurin yaushi kamar faski shi ne na ƙarshe. Wanda ya juya wannan jeri zai tsinci kansa da faskin da ya yi baƙi da romon da bai kai ba, alhali bai huta ko minti ɗaya ba.

Sunayen yanka ma awo ne. Idan shef ya ce juliyen, yana nufin siraran tsinkaye masu kaurin milimita 2 zuwa 3 da tsawon kusan santimita 5. Idan ka tattara tsinkayen ka sake yanka su a gicciye suka zama ƙananan murabba'ai, ka yi burunuwaz. Mirfuwa kuwa haɗin kayan ƙanshin romo ne, kashi 2 albasa, kashi 1 karas, kashi 1 seleri, a auna da sikeli, ba da ido ba. Ana matsa wa ɗan koyo a kan daidaiton yanka ne saboda wuta ba ta jiran kowa. Ɗan karas mai milimita 3 zai narke kafin mai milimita 8 ya yi laushi, sai cokali ɗaya ya ɗauko ɗanye da lugub tare.

Sannan tsarin teburin kansa. A shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin katakon yanka don kada ya zame. Gishiri, mai da cokulan ɗanɗano su zauna a gefen hannun da kake aiki da shi, kullum a wuri ɗaya, har hannu ya riƙa zuwa ba sai ido ya duba ba. Katakon ɗanyar kaza daban da na ganye. Abin da zai lalace ya zauna a firji, a riƙa fito da kaɗan-kaɗan.

Subid kuma ma'anarsa "a cikin rashin iska". Ana sa abinci a leda ta musamman, a zuƙe iskar a liƙe baki, a nutsa ledar a ruwan da inji yake riƙe da zafinsa a mataki ɗaya tsayayye. Wani kuku Bafaranshe, Georges Pralus, ya fito da shi a 1974 a gidan abincin Troisgros da ke Roanne, domin hantar agwagwar da suke dafawa tana zubar da kitsenta da yawa a kasko. Bruno Goussault kuma shi ya yi aikin tantance zafi da lokaci ta fuskar kimiyya. Hikimar ita ce, a kasko zafin ya ninka abin da nama yake buƙata, shi ya sa kafin ciki ya dahu waje ya bushe. A subid ruwan yana daidai zafin da ake so naman ya kai, ba zai iya wuce shi ba.

Mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi. An ce mutum 40 ne za su ci tsokar ƙirjin kaza da dare. Kowace tsoka giram 180, jimilla kilo 7.2. Gishiri kashi 1 cikin 100 na nauyin nama, wato giram 72, a auna shi gaba ɗaya a raba. Kafin a sa gishirin, a duba kauri. Ƙirjin kaza kansa ɗaya kauri ne, ɗayan siriri, don haka a ɗan buga mai kaurin har duk su zo kusan santimita 2.5. Wannan shi ne wurin da na fi ganin ana sakaci, kuma shi ne mafi haɗari, domin lokacin subid da kauri ake lissafa shi, ba da nauyi ba. Idan kauri ya ninka biyu, lokacin da zafi zai kai tsakiya yana ninkawa kusan huɗu. Saboda haka ne ma ba a ɗora tsoka a kan tsoka cikin leda. Huɗu a kowace leda, a kwance gefe da gefe, leda 10. Tsoka biyu da suka hau juna sun zama guda ɗaya mai kaurin santimita 5, agogonka kuma na santimita 2.5 ne.

A cikin ledar ɗan bota da reshen ganyen ƙanshi ɗaya sun isa. Ƙanshi ba shi da hanyar fita, ɗan kaɗan yana yin aikin mai yawa. Ɗanyar tafarnuwa ba ta dahuwa a wannan zafi, takan bar wani ɗanɗano mai kaifi maras daɗi, gara a ɗan soya ta tukuna ko a sa garinta. Naman ya shiga ledar da sanyinsa na firji, kuma a naɗe bakin ledar waje yayin sawa don kada maiƙo ya taɓa wurin liƙi. Liƙin da ya hau maiƙo yana buɗewa a cikin ruwa.

Ruwan a kai shi digiri 63 kafin leda ta shiga, a bar kazar awa 1 da rabi. Ɗan koyo da aka karantar da shi cewa kaza sai ta kai digiri 74 zai tsorata da wannan, kuma tsoronsa yana kan hanya, sai dai akwai sauran bayani. Kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela aikin zafi ne da lokaci tare. A digiri 74 suna mutuwa nan take. A 63 sai tsakiyar naman ta zauna a wannan zafi minti 10 ko ɗan fiye. Mafi yawan awa 1 da rabin nan na tafiyar zafi ne zuwa tsakiya, ragowar na kisan ne. Ribar ita ce tsokar kaza tana matsewa ta tatse ruwanta idan zafi ya yi sama sosai, a 63 kuwa tana riƙe shi. Amma duk wanda ya cire ledar da wuri don oda ta matsa, ya cire ɓangaren da yake kare lafiyar mai ci.

Abubuwa uku suke ɓata wannan mataki. Leda 10 masu sanyi idan suka faɗa ruwa kaɗan, zafin yana faɗuwa, don haka kada ka fara ƙirga lokaci sai allon injin ya dawo 63. Ledar da ta taso saman ruwa akwai iska a ciki, iska kuwa ba ta kai zafi kamar ruwa, gefen da ya leƙo waje zai fito ɗanye. A danne ta da raga, ko a sake liƙe ta. Na ukun cunkoso ne, ledoji su manne da juna ruwa ya kasa zagayawa. Ya kamata kuma lokaci-lokaci a tsoma wani ma'aunin zafi daban a gwada gaskiyar injin, tun da kuskuren digiri 2 ba a ganinsa da ido.

Idan ba nan take za a ci ba, sanyayawa aiki ne mai zaman kansa. Zafin subid ba ya kashe ƙwayoyin cutar kulostiridiyom masu ɓoyewa cikin ɓawo, rashin iska kuma shi suke so. Dokar Faransa ta ce dafaffen abinci ya sauka daga digiri 63 zuwa 10 cikin ƙasa da awa 2, sannan a ajiye shi tsakanin 0 da 3. Firji shi kaɗai ba zai yi wannan saurin ba, sai ma ya ɗumama abin da ke kusa. A nutsa ledojin a bahon da rabinsa ƙanƙara ne rabi ruwa, a ƙara ƙanƙara idan ta narke. Ka ga ke nan ƙanƙarar ma tana cikin mizanfilas, tun da safe za a tanade ta. A rubuta sunan abinci, ranar dahuwa, zafi da lokaci a jikin kowace leda. Ledar da aka tarar ta kumbura a firji, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Da yamma ledojin su koma ruwan da bai wuce zafin dahuwar farko ba, kimanin minti 45, kuma sau ɗaya ake wannan ɗumamen. Kazar za ta fito fara fat, ba launi ba ƙanshin suya, domin launin yana samuwa ne a zafin da ya wuce na tafasar ruwa nesa. A goge ta da tsumman takarda ta bushe sarai, a sa a kasko mai zafi sosai, kusan minti 1 kowane gefe. Jiƙaƙƙiyar tsoka turara take yi maimakon soyuwa, kafin ta yi launi cikinta ya wuce misali, aikin yini ya tafi.

A garuruwanmu akwai abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato ɗauke wuta. Idan wuta ta tafi, murfi a kan bahon zai riƙe zafi na ɗan lokaci, amma dole a rubuta mintin da ta tafi, a auna ruwan da ma'aunin hannu idan ta dawo. In faɗuwar digiri 1 ko 2 ce, a jira ya koma 63 a ƙara lokacin da aka rasa. In ruwan ya sauka ƙasa da digiri 55 kuma ba wanda ya san tsawon zamansa a haka, kazar ba ta zuwa teburin baƙo. Shi ya sa kafin a liƙe leda ta farko ake tambaya ko injin subid da firjin ajiya suna kan layin janareta.