Kashi 90 na Tafkin Chadi: yadda ake tantance adadi kafin a saka shi a jinga

Ɗalibin da ya taso daga Maiduguri ko Diffa ko Kano ya sauka a Birtaniya don digiri na biyu, abin da yake fara jin tsoro shi ne sanyi da tsadar haya. Amma abin da ya fi cin makin sababbin zuwa a zangon farko, musamman masu karatun muhalli da raya ƙasa da noma, shi ne adadin da aka ɗauko a intanet aka saka a jinga ba tare da an bi asalinsa ba. A yawancin jami'o'in nan maki 50 ne cin jarrabawa a digiri na biyu, daga 70 kuma matakin ƙoli yake farawa, kuma babban abin da ke raba tsakaninsu shi ne ko ɗalibi ya auna hujjarsa ko kwafowa kawai ya yi. A gida mun saba idan magana ta fito daga babbar hukuma an gama. A nan mai duba takarda zai ja layi a ƙarƙashinta ya tambaya wa ya auna, kuma yaushe.

Akwai adadin da kusan duk ɗan yankinmu yake rubutawa a jingarsa ta farko: wai Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100 tun daga shekarun 1960 saboda sauyin yanayi. Yana cikin jaridu, yana cikin jawaban shugabanni, yana cikin shafukan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutum yana ganin ai maganar gida ce, ya fi malamin saninta. Da shi za mu gwada aikin.

Abu na farko shi ne bin adadin baya har inda aka auna shi. Labarin jarida ya ce wani rahoto ne ya faɗa. Ka buɗe rahoton, ka danna Ctrl+F ka nemi adadin, ka duba ƙaramar lambar da ke gefensa ko sunan da ke cikin baka. Sau da yawa za ka tarar rahoton ma daga wani rahoton ya ɗauko. Ka ci gaba da bi har ka iso wurin da aka yi bayanin yadda aka yi awon, da me, a wace shekara. Idan igiyar ta tsinke a hanya, wato ka iso shafin da ya faɗi adadin bai ce ga inda ya samo ba, to ba ka da madogara tukuna, ko da shafuka ɗari sun maimaita shi. Yawan maimaici yakan zama kwafi ne daga tushe ɗaya.

A maganar tafkin, igiyar galibi tana kai mutum ga maƙalar Michael Coe da Jonathan Foley na jami'ar Wisconsin, wadda ta fito a 2001 a mujallar Journal of Geophysical Research, da kuma hotunan tauraron ɗan'adam da hukumar NASA ta yaɗa a lokacin. Alƙaluman da suka bazu daga nan su ne murabba'in kilomita 25,000 a 1963, da kimanin 1,350 a ƙarshen lokacin da aka duba. Ka yi lissafin da kanka, kada ka bar wa kowa: 25,000 a cire 1,350 ya bar 23,650, a raba da 25,000 ya ba da kusan kashi 95. Ashe kashi 90 ɗin yana da tushe, ba ƙirƙira ba ce. Sai dai ka riga ka gano abu guda: awon ya haura shekara ashirin, amma ana rubuta shi yau kamar bara aka yi shi.

Daga nan sai ka tsaya a kan shekarar da aka fara ƙirga, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. Duk adadin da ya ce wani abu ya ragu ko ya ƙaru da kashi kaza, ya dogara ne da inda aka kafa ma'auni. Shekarun 1950 da farkon 1960 lokaci ne na damina mai albarka a duk yankin Sahel, kuma a farkon shekarun 1960 tafkin ya kai cikar da ba kasafai yake kaiwa ba a ƙarni na ashirin. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, da tudu mai ciyayi a tsakaninsu. Sai na 1984, wanda dattawa a Nijar ke tuna yunwarsa da sunan El-Buhari, lokacin da kwarin arewa ya sake bushewa, garin N'guigmi da a da yake bakin ruwa yana can nesa da shi. Wanda ya fara ƙirga daga 1963 ya tsaya a bayan waɗannan farurruka, ya ɗauki mafi cika ya gwada da mafi ƙafewa. Kuma tafkin ya taɓa ƙanƙancewa tun kafin wannan. Jean Tilho, hafsan Faransa da ya yi awon yankin a farkon shekarun 1900, ya tarar da shi ƙarami, shi ne ma ya kasa yanayinsa gida uku: ƙaramin Chadi, matsakaici, da babba.

Dalilin wannan hawa da sauka yana cikin siffar tafkin. Ba shi da zurfi, 'yan mitoci ne kawai, shimfiɗe a fili kamar ruwa a tire, don haka ƙaramin canji a tsayin ruwa yana rufe ko ya buɗe fili mai faɗin gaske. Kusan kashi 90 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Chari da Logone yake zuwa, daga can kudu inda ruwan sama ya fi yawa, Komadugu Yobe kuwa kaɗan take ƙarawa. Ko a cikin shekara ɗaya faɗinsa yana canzawa sosai: yana cika bayan damina, wajen ƙarshen shekara, ya janye kafin wata daminar ta kankama. Saboda haka idan ka ga hotuna biyu an jera su, na da da na yanzu, ka nemi watan da aka ɗauki kowanne, ba shekarar kaɗai ba.

Sai tambayar me aka auna. Hoton tauraron ɗan'adam na yau da kullum yana ganin buɗaɗɗen ruwa sarai, amma ruwan da ke kwance ƙarƙashin ciyayi yana fitowa kore kamar ƙasa. Tun bayan fari babban ɓangaren tafkin ya zama fadama, ruwa na nan, masunta na shiga da kwalekwale, amma hoton bai ƙirga shi ba. Masu binciken da suka haɗa da wannan ruwan sun sami faɗin da ya kai wajen murabba'in kilomita 14,000 a shekarun bayan 2000. Idan ka gwada wannan da 25,000, raguwar kashi 44 ce. Tafki ɗaya, adadi biyu masu nisa da juna, kuma kowanne yana da hanyar da ta haife shi. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki duk faɗin tafkin a wata shekara a gwada da buɗaɗɗen ruwa kaɗai a wata.

Yanzu ka duba abin da ya biyo baya. Ka sa sunan maƙalar 2001 a Google Scholar, ka danna Cited by, ka taƙaita zuwa shekarun kusa. A nan za ka ci karo da aikin Binh Pham-Duc da abokan aikinsa a mujallar Scientific Reports a 2020, wanda ya nuna cewa a cikin shekara ashirin ɗin farko na wannan ƙarni tafkin ba ya ci gaba da ƙafewa, kwarin kudu ma ya tsaya daram. Idan maƙala ta nemi kuɗi kafin ta buɗe, kada ka biya. Ka shiga ta shafin laburaren jami'arka da sunanka na ɗalibi, kuɗin makarantar da ka biya ya haɗa da wannan. Yawancin jami'o'i kuma suna da ma'aikacin laburare na kowane fanni, ana neman ganinsa a zauna da shi kyauta. Mutanenmu da yawa suna kammala shekara ba su taɓa zuwa ba, saboda kunya ko saboda aikin awa 20 a mako da biza ta yarda da shi ya cinye lokacin, alhali rabin awa da shi yana rage wahalar mako guda.

Saura wutsiyar jimlar, wato "saboda sauyin yanayi". Wannan da'awa ce ta daban, tana buƙatar tata hujjar. Cewa fari ne ya jawo ƙafewar shekarun 1970 da 1980, wannan a fili yake. Amma rabon da ke na ɗumamar duniya a wannan farin, da rabon da ke na sauyin zafin teku da hayaƙin masana'antun ƙasashen arewa, masana suna ta tattaunawa a kai. Coe da Foley kansu sun ɗora kusan rabin raguwar da aka samu daga 1983 zuwa 1994 a kan ɗibar ruwa don noman rani, wasu masu bincike daga baya suka ce wannan rabon ya yi yawa. Wanda ya jingina "sauyin yanayi kaɗai" ga maƙalarsu ya sa musu maganar da ba su yi ba, kuma malamin da ya san fannin zai gane nan take. Kada kuma a dogara da Turnitin: kamannin rubutu yake kamawa, ba ya duba ko adadi gaskiya ne.

Wannan ba ya nufin a ce lafiya lau ake a bakin tafki. Duk wanda yake da dangi a Baga ko Bosso ya san ruwan sama ya rikice, ambaliya da fari suna zuwa ba tsari, rikici ya hana mutane bin ruwa da gonakinsu da dabbobinsu kamar yadda suka saba. Wannan wahalar ta cancanci a faɗe ta da adadin da ba za a iya turewa ba.

To me za a rubuta? Ma'anar jimlar ta zama kamar haka: tsakanin 1963, lokacin da tafkin yake cike, da shekarun bayan farin 1970 da 1980, buɗaɗɗen ruwansa ya ragu da fiye da kashi 90, daga kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma awon da aka yi bayan shekarar 2000 bai nuna ci gaba da raguwa ba, kuma idan aka haɗa da ruwan ƙarƙashin ciyayi faɗin ya fi haka nesa. Ka jingina ɓangaren farko ga maƙalar 2001, na biyu ga ta 2020, kowacce bayan ka buɗe ta ka ga wurin da idonka. Idan ba ka samu ta asalin ba sai ta bakin wani, salon Harvard da yawancin sassa ke bi ya tanadi yadda ake nuna hakan, da kalmomin cited in. Ka adana lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, da lambar shafi tun ranar da ka karanta, shafin intanet kuma ka rubuta ranar da ka buɗe shi, domin hukumomi suna sabunta alƙalumansu, adadin da ka gani a Oktoba yana iya canzawa kafin a duba takardarka a Janairu.