Gadon amarya da bencin makaranta: yadda na gano wanda ke cin kuɗin shagona

Shagona na kafinta yana Kano, kuma abu biyu muke yi: bencin makaranta, wanda ake ba mu da yawa a lokaci guda, da gadon amarya, wanda kowa ke zuwa da irin fasalin da yake so. Kuɗin katako, ƙusa, gam, fenti da ladan yaran da suka yi aikin ba su taɓa ba ni wahala ba, domin kowanne na san kan wane kaya ya tafi. Abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne kuɗin hidimar shago: man janareta, gyaran inji, haya, mai gadi, kuɗin mota. Waɗannan ba a rubuce suke a jikin benci ko gado ba, amma dole wani ya ɗauke su.

Hanyar da na gada daga maigidana mai sauƙi ce. A tara hidimar wata, a raba da awannin da ma'aikata suka yi, shi ke nan. A watan da zan ba da misali da shi, hidimar ta kama naira 600,000. Mun yi benci 60, kowanne awa 5, da gado 5, kowanne awa 20, jimla awa 400. Kowace awa ta ɗauki naira 1,500 ke nan. Don haka na ɗora wa benci 7,500, gado kuma 30,000.

Da wannan lissafin nake yanka farashi. Kayan aiki da ladan gado ɗaya 250,000 ne, na ƙara 30,000, na sayar 310,000, ina ganin na ci ribar 30,000. Benci kuwa kayansa da ladansa 18,000, da hidima ya zama 25,500, sai in ce 28,000. Abin da ya riƙa damuna shi ne duk mai neman gado ba ya ko ja da ni, amma kwangilar benci sai ta riƙa kuɓuce mini. Wata makaranta ta ba wani a 25,000, na ce a raina wannan faɗuwa zai yi. Bai faɗi ba. Ni ne dai a watannin biki, lokacin da shago ya fi cika da gadaje, nake rasa kuɗin sayen mai.

Ɗan yayata da ke karatun akanta ne ya zauna da littafina wata Asabar. Ya ce, "Kawu, awa nawa janareta ke yi saboda gado, awa nawa saboda benci?" Na ce ban taɓa ƙirgawa ba. Ya ce, "To ai nan matsalar take. Kana raba kuɗin mai da awannin hannu, alhali ba hannu ke shan mai ba." Ya gaya mini akwai hanyar da ake raba hidima bisa ayyukan da suka jawo ta, wadda malamai biyu na jami'ar Harvard, Robin Cooper da Robert Kaplan, suka yaɗa a ƙarshen shekarun 1980. Manufarta ita ce kowane kuɗi a tambayi abin da ke sa shi ƙaruwa, sannan a auna da wannan abin.

Muka kasa 600,000 ɗin kashi huɗu. Mafi girma shi ne inji da janareta, 240,000. Injinan sun yi awa 120 a watan, wato naira 2,000 kowace awa. Benci awa ɗaya ya ishe shi a kan inji, yanka ne miƙe da gogewa. Gado kuwa yana cin awa 12, saboda zane, lanƙwasa da feshi shafi kan shafi. Sai ga gado 5 sun sha mai daidai da benci 60, kowane ɓangare 120,000.

Kashi na biyu shi ne wanda ban taɓa ɗauka a matsayin kuɗi ba: saita inji. Duk lokacin da za a canja aiki, sai babban yarona ya kashe inji, ya kwance haƙori, ya ɗaura wani, ya gwada a kan guntun katako, ya duba da tef, wani lokaci ya sake kwancewa. Sauran yara na tsaye suna jira. Lokacinsa, wasa haƙora da katakon gwaji sun kai 90,000, kuma an saita sau 30, kowane saiti 3,000. Benci duka sau 6 kawai suka buƙata, domin idan an saita tsawon ƙafa, sai a yanke ƙafafun benci 60 a jere. Gadajen nan biyar sun cinye sauran 24.

Na uku zirga-zirga ce, 120,000 a tafiya 24, kowace 5,000. Katakon benci sau biyu aka ɗauko daga 'yan katako na Na'ibawa, sau biyu aka kai kaya makaranta. Gado fa? A je a auna ɗaki, a koma kasuwa neman irin madubin da uwar amarya ta nuna a waya, a sake komawa don an canja launi, a kai, a ɗaura. Tafiya 20. Na huɗu, haya da mai gadi da haraji, 150,000, ba mu sami abin da ke jawo su ba, sai muka bar su a kan awannin hannu kamar da: benci 112,500, gado 37,500.

Da muka haɗa, benci 60 sun ɗauki 270,500, kusan 4,500 kowanne maimakon 7,500. Gado 5 sun ɗauki 329,500, wato 65,900 kowanne maimakon 30,000. Gadon da nake sayarwa 310,000 ashe 315,900 yake ci mini. Benci kuma 22,500 ne, don haka mutumin da ya karɓa a 25,000 da ribarsa ya tafi. Shekara da shekaru benci ke biya wa gado kuɗin mai.

Abu na farko da ya zo mini shi ne in daina gado. Ɗan yayata ya ce, "A'a Kawu, 600,000 ɗin ba ta ragu ba, wurin zamanta kawai ta canja." Gaskiya ya faɗa. Idan na bar gado, mai da kuɗin mota za su ragu, amma mai gida ba zai rage haya ba, babban yarona ma albashinsa na nan. Wannan 37,500 ta koma kan benci. Haka kuma 4,500 ɗin benci tana tsayawa ne idan an yi su da yawa. Wanda ya zo neman benci biyar, saitin nan shida sai an yi su, 18,000 ta faɗa kan biyar maimakon sittin.

Hanyar tana da wahalarta. Sai da na rataye littafi kusa da janareta, ana rubuta lokacin kunnawa da kashewa da aikin da ake yi, kuma makon farko rabin shafin babu komai. Wata ɗaya ma ba ya isa, domin watan da inji ya lalace zai karkatar da lissafin. Yanzu wata uku nake haɗawa. Maƙwabcina da ƙofofi iri ɗaya kawai yake yi, ban ba shi shawarar ya wahalar da kansa ba, ma'auni ɗaya ya ishe shi tunda kayansa duk hidima ɗaya suke ci.

A shagona na mai da gado fasali uku tsayayyu, muna yanka kawunansu tare don saiti ya ragu. Mai son nasa fasalin daban ana ƙara masa kuɗin saiti da na kowace tafiya, kuma ina faɗa masa tun kafin ya ba da kafin alƙalami. Wasu sun tafi wani wuri. Da aka koma hutu na kai wa makarantar nan sabon farashi, 25,000, suka ba ni benci 80.