Na rubuta wa edita wasiƙa kamar shi ne duba-gari

Har yau idan na tuna yadda Malam ya zagaye sakin layi na uku na wasiƙata da jan biro, sai raina ya sosu. Jarrabawar gwaji ce ta Hausa da muke yi kafin ta WAEC, sashen insha'i. An ce a rubuta wasiƙa zuwa ga editan wata jarida a kan yadda shara ta addabi unguwarmu, cikin kalmomi kamar 300. Ina ganin tambayar na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, domin bolar da zan yi magana a kanta kullum sai na toshe hanci na wuce ta gabanta in zan tafi makaranta. Da takarda ta dawo, maki 9 na samu cikin 20.

Tsarin bai ba ni wahala ba. Adireshina a sama ta hannun dama da kwanan wata a ƙarƙashinsa, adireshin edita ta hagu, sai “Ya Edita”, sai kanu a tsakiya da na ja wa layi, a ƙarshe “Naka”, sa hannu da cikakken suna. Duk wannan Malam ya yi masa maki. Inda na kwafsa shi ne gundarin wasiƙar, kuma jimla ɗaya ce ta tona asirin. Na rubuta: “Don haka ina roƙonka da ka taimaka ka turo mana mota a kwashe wannan bola, ka kuma hukunta masu zuba shara a kwata.”

Malam ya kira ni teburinsa, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, “Wa kake wa magana a nan?” Na ce, “Edita, Malam.” Ya ce, “To edita ba shi da motar kwasar shara, ba shi da ikon cin tarar kowa. Abu ɗaya yake da shi, fili a jaridarsa.”

Wannan shi ne abin da ban gane ba sai da na yi asarar maki. Wasiƙa zuwa ga edita sunansa ne a sama, amma ba dominsa ake rubuta ta ba. Ana rubuta ta ne don ya buga, jama'a su karanta, hukuma ta gani. Saboda haka roƙo ɗaya tak ake yi masa kai tsaye, a jimlar farko: ya ba ka fili. Daga nan sai “ka” ta ɓace daga wasiƙar. Duk wata buƙata sai a miƙa ta ga mai ikon biyanta, a kira shi da muƙaminsa: hukumar kwashe shara, sashen lafiya na ƙaramar hukuma, mai unguwa, mu kanmu mazauna. Ni kuwa tun daga farko har ƙarshe “ka sani”, “ka duba”, “ka taimaka” nake ta yi. Malam yana raba maki ne gida huɗu, wato saƙo, tsari, salon magana da ƙa'idojin rubutu, kuma kuskuren nan guda ya ci ni a gida biyu. Saƙon ya tafi ga wanda ba shi ne ba, salon kuma ya koma na takardar koke.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, na ɓarnatar da kusan kalmomi 40 a gaisuwa: fatan yana lafiya, ya iyali, ya fama da jama'a. Tarbiyyarmu ce, da wuya hannu ya yarda ya faɗa cikin magana ba gaisuwa. Amma wannan wasiƙar aiki ce, ba ta sada zumunci ba, kuma kalmomin nan 40 su ne waɗanda na rasa lokacin da na zo wurin shawarwari.

Malam ya ce in sake rubutawa, sai na fara da cewa: “Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in jawo hankalin hukuma da jama'a ga halin da unguwarmu ke ciki saboda tarin shara.” Shi ke nan, an gama da edita.

A sakin layi na biyu na gano rauni na biyu, wanda shi ma daga waccan jijiyar ya tsiro. Da yake da edita nake hira a raina, ban damu da nuna wa kowa komai ba, “shara ta yi yawa, abin ba a magana” kawai na ce. Amma mai karatu a wani gari bai taɓa ganin bolarmu ba, sai ka zana masa ita. A karo na biyu na faɗi inda take, a bakin hanya tsakanin makarantar firamare da masu sayar da kayan miya. Na faɗi cewa wata uku ke nan mota ba ta zo ba, har bolar ta cinye rabin titi, babur biyu ba sa iya giftawa a lokaci ɗaya. Na faɗi yadda ledojin ruwa suka toshe magudana, ta yadda ruwan sama na awa guda ya isa ya shiga zaurukan gidajen da ke gangare.

Sakin layi na uku na illoli ne, kuma a nan ana son a haɗa kowace illa da sanadinta, ba a jero sunayen cututtuka ba. Ruwan da ya kwanta a kwatar da ta toshe shi ke haifar da sauro, sauro ya kawo zazzaɓi. Ƙudan da ya tashi daga bola yana sauka a kan tumatir da abincin da yara ke saye a ƙofar makaranta, ta nan amai da gudawa ke samun hanya. Idan mutane suka gaji suka cinna wa bolar wuta, hayaƙin leda yakan kwana a unguwa, masu ciwon asma su kwana zaune.

Sai wurin da na kwafsa a karon farko, wato shawarwari. Wannan karon kowace na ɗora ta a wuyan mai ita. Hukumar kwashe shara ta ajiye babban mazubi, ta kuma tsayar da ranar zuwan mota a kowane mako. Ƙaramar hukuma ta turo duba-gari su riƙa zagayawa. Mai unguwa ya haɗa matasa a yashe magudana ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli. Magidanta su daina ba yara shara da ɗan canji ba tare da sanin inda za su juye ta ba. Na bar wa wannan sashe kalmomi kusan 80, bayanin bolar 90, illoli 80, sauran na buɗewa da rufewa. Wani abu da Malam ya ja mini kunne a kai: kada a ambaci sunan mutum a ce shi ke zubar da shara, kada a ce wane ya cinye kuɗin aikin. Zargin da ba hujja babu editan da zai buga shi, mai duba takarda ma ya san haka.

A karo na biyu na samu 16. Maki huɗun da suka tafi, yawancinsu na ƙa'idojin rubutu ne: na raba “yana” gida biyu har sau uku, na kuma manta da ƙugiya a “ƙura”, ta koma kura. Waɗannan ba su dame ni kamar na farko ba, domin minti biyar na bita ya isa ya kama su. Wancan kuwa ko sau goma na karanta takardata a ɗakin jarrabawa ba zan gan shi ba, tunda a raina daidai nake. Har a wasiƙar ta biyu sai da hannuna ya rubuta “muna fatan za ka ɗauki mataki” a jimlar rufewa. Na soke ta, na mayar da ita “muna fatan waɗanda abin ya shafa za su ɗauki mataki kafin damina ta kankama”, sannan na sa hannu.