Kuɗin gina manhaja da kuɗin riƙe ta bayan ta fita

Mai shago a Kano da ke son manhajar karɓar oda da kai kaya gida yakan ɗauka manhaja guda zai biya. A zahiri uku ne: ta mai saye, ta ɗan aike mai babur, da shafin da ma'aikacin shago zai riƙa saka kaya, ya canza farashi, ya ga odar da ta shigo. Ta ukun nan ce aka fi mantawa da ita wajen yanke farashi, alhali ita ta fi cin aiki.

Lissafin da ke fitowa daidai shi ne na kwanakin aiki, sashe-sashe. A ce mutum ɗaya ne zai yi. Shiga da lambar waya kwana 4, jerin kaya da kwandon saye kwana 8, biyan kuɗi kwana 6, ɓangaren ɗan aike kwana 7, shafin shago kwana 10. Kwana 35 ke nan. Wani zai ce kwana 6 sun yi wa biyan kuɗi yawa, tunda haɗa manhaja da Paystack, kamfanin da ke karɓar biyan kuɗi ta intanet, bai wuce aikin yini ba. Sauran kwanakin na ranar da abu ya ƙi ne. Mai saye ya biya, banki ya cire masa kuɗi, sabis ya ɗauke kafin wayarsa ta sanar da sabar, wato kwamfutar da ke ajiye odar shago a intanet. Shi yana riƙe da alat, shago kuwa bai ga oda ba. Maganinsa shi ne sabar ta karɓi tabbacin biya kai tsaye daga kamfanin ta hanyar `webhook`, kuma idan tabbacin ya zo sau biyu kada ta rubuta oda biyu. Duk farashin da bai ambaci wannan ba, to ba a lissafa shi ba.

A kan kwana 35 ɗin a ƙara kamar kashi ɗaya cikin uku na gwaji da gyara, wato kwana 12, a kan irin wayoyin da masu saye ke riƙewa, su itel da Tecno masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Kwana 47 a mako mai ranakun aiki biyar sun haura mako tara. Sai jiran da ba a hannun kowa yake ba. Sabon asusun da aka buɗe da sunan mutum, ba na kamfani ba, a Google Play sai ya yi gwajin manhajar a keɓe da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin ya nemi izinin fitar da manhaja ga jama'a. Aikin da aka yi alkawarin wata guda ya doshi wata uku, ba tare da kowa ya yi lalaci ba.

Ranar da manhaja ta fita, ranar ce kashe kuɗi na wata-wata ke farawa. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple kuwa dala 99 duk shekara, kuma idan ba a sabunta ba manhajar ta sauka daga App Store. Hayar sabar, ma'ajiyar hotuna da taswirar bin sawun ɗan aike galibi da dala ake biya, ciniki kuwa da naira yake shigowa. Waɗanda suka yi kasafi a farkon 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, sun ga ta haura 1,500 a farkon 2024. Don haka wannan layi na kasafi a rubuta shi da dala, a riƙa juya shi duk wata.

Akwai kuma kuɗin da ke girma tare da ciniki. Paystack kan ɗauki kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a biyan cikin gida da ya kai naira 2,500. A odar naira 10,000 za a cire naira 250 ke nan, oda dubu a wata kuma naira 250,000. Idan ribar kaya siririya ce, dole a yanke tun farko ko shago ne zai ɗauka ko mai saye. Haka saƙon lambar sirri na shiga: kowane ɗaya kuɗi ne, kuma idan ya yi jinkiri mutum sai ya danna a sake turowa sau uku. A sa tazarar daƙiƙa 60 tsakanin turawa, a kuma iyakance adadin da lamba ɗaya za ta nema a yini.

Gyara ma ba sai abu ya lalace ba. Kowace shekara, yawanci zuwa 31 ga Agusta, Google na ɗaga mafi ƙarancin `targetSdkVersion` da yake karɓa, wato sigar Android da aka gina manhajar don ta dace da ita. Manhajar da ta tsaya a baya ba za a iya tura mata sabuntawa ba, daga baya kuma masu sabbin wayoyi su daina ganinta a Google Play. Shi ya sa yarjejeniya ta kamata ta faɗi kwana nawa na aiki a wata aka ware wa kula da manhajar, da nawa ne kuɗinsu, ta kuma faɗi cewa asusun Google Play, na sabar da rumbun da ake ajiye kod ɗin manhajar duk da sunan mai shago za a buɗe su.