Abin da ya sa nake rufe cinikin foreks kafin fitowar NFP

A aikin foreks, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashe, darasin da ya fi zauna mini shi ne sanin lokacin da ake janye hannu. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda za ka gani da sunan NFP a kalandar tattalin arziki, yakan fito ne galibi Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 8:30 na safe agogon New York. A Najeriya da Nijar 1:30 na rana ke nan, ko 2:30 idan Amurkawa sun mayar da agogonsu baya lokacin sanyi. Wato daidai lokacin da yawancinmu muke masallaci, waya tana aljihu.

Ana dab da sakin rahoton, manyan bankuna sukan janye tayinsu, don ba mai son a kama shi da tsohon farashi. Tayi ya yi ƙaranci a kasuwa, sai tazarar da ke tsakanin Bid, farashin da kake sayarwa, da Ask, farashin da kake saye, ta buɗe. A EUR/USD, tazarar da ta saba zama fif ɗaya, wato 0.0001 na farashi, tana iya kaiwa goma cikin daƙiƙoƙi.

Ga yadda take cin mutum. A ce ka sayar a 1.0850 da girman ciniki lot 0.10, inda kowane fif dala ɗaya ne, ka ajiye Stop Loss, wato umarnin tsayar da asara, a 1.0870. A lissafinka asarar ba za ta wuce dala 20 ba. Rahoto ya fito, kyandir, wato zanen farashi a allo, ya hau zuwa 1.0862, ya juyo ya gangaro kamar yadda ka hango. Ka duba, an riga an fitar da kai. Dalili kuwa, kyandir farashin Bid yake nunawa, amma cinikin sayarwa da Ask ake rufe shi. Da tazarar fif goma, Ask ya taɓa 1.0872 ba ka gani ba. Da yawa a nan suke cewa dillali ya cuce su. Wani lokacin ba haka ba ne. Kunna layin Ask a manhajar ciniki ta MT5 ka kalli yadda yake tsalle.

Ko Stop Loss ɗin ma umarni ne kawai na a rufe a farashin da aka fara samu. In farashi ya tsallake daga 1.0865 zuwa 1.0895, a can za a rufe maka, dala 20 ta koma 45. Ranar 15 ga Janairu 2015, da babban bankin Switzerland ya daina riƙe farashin kuɗin ƙasar ba gargaɗi, wasu har bashi suka tashi da shi. Wannan kam ba kalandar da ta faɗa.

Wanda kalanda ta faɗa kuwa, ina duba shi tun daren Lahadi: NFP, CPI wato rahoton hauhawar farashi, da FOMC wato sanarwar kuɗin ruwa ta babban bankin Amurka. Saura rabin awa nakan rufe gajerun cinikayya masu dala a ciki, in goge umarnin da ke jira. Ba na komawa don agogo ya ce minti goma sha biyar sun cika, sai na ga tazarar ta koma yadda take da safe. Ranar FOMC nakan ƙara jira, domin rabin awa bayan sanarwar shugaban bankin zai fara amsa tambayoyin 'yan jarida, kuma sau da yawa a nan farashi yake juya akala.